Yadda muka zaɓi tsarin silaid ɗinmu daga bencin baya

Duk ɗalibin da aka ba aikin gabatar da darasi a gaban aji da majigi zai gamu da gardamar da muka yi a rukuninmu, wato wane tsarin silaid ya fi. Na rubuta wannan ne don in bayyana yadda muka bi muka raba gardamar, mataki bayan mataki, saboda na ga wasu rukunonin sun ɓata lokaci da kuɗi suna zaɓe a fuskar laftof, alhali a bangon aji za a nuna aikin.

A zangon karatu na biyu malamin da ke ɗaukar mu kwas ɗin muhalli ya raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Mu aka ba mu batun ƙafewar Tafkin Chadi. Sharaɗinsa a bayyane yake: minti goma na magana, minti biyar na tambayoyi, kuma akwai maki na musamman a kan yadda silaid ɗin ya fito, ban da makin abin da aka faɗa. Bayanin da za mu yi ba shi da wahalar samu. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, zuwa shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, bayan farin da aka yi a yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980. Mafi yawan ruwansa daga kogin Chari da reshensa Logone yake zuwa, kuma tun 1964 akwai hukumar da ƙasashen yankin suka kafa don kula da shi, mai hedikwata a N'Djamena. Waɗannan duk mun yarda a kansu. Inda muka rabu shi ne yadda za a ɗora su a allo.

Mutum uku a cikinmu kowa ya zo zama da nasa tsarin. Babbanmu, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya dawo karatu kuma duk muna kiransa Yaya, ya kwaso sakin layi daga rubutaccen aikinmu ya zuba. Silaid ɗinsa na tarihin tafkin na ɗauke da kalmomi kusan 90, girman rubutun 14, a kan shuɗi mai duhu da adon layuka a gefe. Hujjarsa ita ce duk wanda ya manta abin da zai faɗa sai ya waiga ya karanta, kuma Malam zai ga mun yi bincike. Wata 'yar uwa kuma ta cika kowane silaid da hoto tun daga sama har ƙasa, masunta a kwalekwale, shanu a bakin ruwa, busasshiyar ƙasa da ta tsattsage, sannan ta ɗora kalmomi uku ko huɗu farare a kan hoton. Nawa na uku fari ne, da jimla ɗaya a sama, taswira ko zanen ƙididdiga a tsakiya. A fuskar laftof kowanne ya yi kyau, kuma kowa yana ganin nasa ne daidai. Muka tashi ba mu tsayar da komai ba.

Shawarar da aka yanke ita ce a buga samfuri a takarda a kai wa Malam. Muka je shagon kwamfuta da ke bayan ɗakunan kwana, inda bugu mai launi ya ninka baƙi-da-fari sau da yawa, muka haɗa kuɗi muka buga silaid uku-uku daga kowane tsari. Wannan kuɗi ne da nake ba kowa shawara ya riƙe a aljihunsa. A takarda rubutu mai girman 14 ya fi na littafi girma, sai ya ruɗe ka ka ɗauka ya isa, domin takarda a hannu ake riƙe ta. Launi ma a takarda yana fitowa da ƙarfin da majigi ba zai taɓa ba shi ba a ɗakin da rana ke shiga.

Ranar da Malam yake ganin ɗalibai muka zauna a benci a ƙofar ofishinsa tun bayan azahar, sai dab da la'asar layi ya zo kanmu. Ya karɓi takardun ya jujjuya, bai ce wannan ya fi wancan ba. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, zaɓa mana muka zo a yi." Malam ya tambaye mu a wane ɗaki za a yi gabatarwar, muka faɗa masa. Ya ce to mu je mu ari majigin sashe, mu nuna su a ɗakin, mu zauna a bencin ƙarshe, abin da muka gani mu yi aiki da shi. Ya ƙara da cewa gwajin ba zai yi adalci ba matuƙar kowane tsari bayani daban yake ɗauke da shi, don haka mu ɗauki batu guda mu yi shi ta hanya uku. Na fito raina a ɗan jagule saboda jiran da muka sha, ga shi ba mu sami amsa kai tsaye ba. Amma shawarar nan ta batu guda ita ta gyara mana komai daga baya. A daren muka zaɓi silaid ɗin da ke nuna yadda tafkin ya ragu, kowa ya sake shi a tsarinsa da adadi iri ɗaya da shekaru iri ɗaya.

Aron majigi shi ma yana da nasa tsarin, kuma gara mutum ya sani tun da wuri. A sashenmu sai an rubuta takardar nema zuwa ga shugaban sashe, malamin kwas ya sa hannu a ƙasa, a kai wa sakatariya ta shigar, sannan a jira a amince. Tamu ta kwana biyu a ofis don shugaban ya yi tafiya. Da ta fito aka tura mu wurin mai kula da kayan sashe, wani dattijo mai haƙuri, ya karɓi katin shaidar ɗalibi ɗaya ya ajiye, ya sa muka sa hannu a littafi, ya ƙirga mana abin da ke cikin jakar: majigi, igiyar wuta, igiyar VGA. Na ce, "Baba, laftof ɗinmu HDMI kawai gare shi." Ya ce ai ya sha faɗa wa ɗalibai su riƙa dubawa, sashe ba shi da adafta. Sai da muka aro a wurin wani ɗan aji huɗu. Ba a biyan komai don aron majigin, amma doguwar wayar wuta mu muka nemo, domin soket ɗin ɗakin yana can kusurwa nesa da inda teburin majigi ke zama.

Mun shiga ɗakin da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, daidai lokacin da aka saka mana gabatarwar, kuma da gangan muka yi haka don mu ga hasken da za mu tarar. Muka roƙi 'yan ajinmu shida suka zo, huɗu a bencin ƙarshe, biyu a tsakiya. Ɗaya daga cikinmu ya zo da tef ɗin awo na tela, muka auna. Daga bango zuwa bencin ƙarshe mita 12. Hasken majigin a bango faɗinsa santimita 160, tsayinsa 120.

Abu na farko da ya bayyana tun kafin a karanta ko kalma ɗaya shi ne silaid ɗinmu bai cika hasken ba. An bar baƙin fili sama da ƙasa. Dalili kuwa majigin tsohon yayi ne mai siffar 4:3, mu kuma duk mun yi aiki da faffaɗan silaid na 16:9, wanda shi PowerPoint ke buɗewa da shi yanzu. Idan aka sa faffaɗan silaid a irin wannan majigi, faɗin ne ke cika, tsayin sai ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Namu ya tsaya a santimita 90 maimakon 120, kuma duk rubutun da ke ciki ya ragu daidai da haka.

Akwai ɗan lissafi da ya kamata a sani a nan, mai sauƙi ne. Tsayin silaid a PowerPoint inci 7.5 ne, kuma lambar girman rubutu ana auna ta ne da ma'aunin da 72 ke yin inci ɗaya. Ke nan tsayin silaid gaba ɗaya 540 ne a wannan ma'auni. Rubutu mai girman 14 yana cin 14 cikin 540 na tsayin hoton da ke bango. A hoto mai santimita 90, wannan bai wuce santimita 2.3 ba, kuma ƙananan haruffa irin a da e da o kusan rabin haka suke. Wato daga nisan mita 12 muna so mutum ya karanta harafin da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. Da aka nuna silaid ɗin Yaya, na bencin baya suka ce suna ganin akwai layuka, kanun ne kawai suke iya karantawa. Na tsakiya suna karantawa amma sai sun matse ido. Yaya da kansa ya tashi ya je baya ya zauna, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lallai wannan ba zai yiwu ba.

Daga baya muka gano cewa shi ma ba 14 ya zaɓa da hannunsa ba. Akwatin rubutu na PowerPoint yana farawa da babban rubutu, amma idan aka ci gaba da zuba kalmomi sai ya riƙa rage girman da kansa don komai ya shiga. Wanda ke bugawa ba ya lura, sai dai ya ga komai ya samu wuri. Ana hana wannan ta danna akwatin da maɓallin dama, a shiga Format Shape, a ɓangaren Text Box a zaɓi Do not Autofit. Daga nan idan rubutu ya yi yawa zai zubo waje, ka gane cewa kalmomi za ka rage.

Muka mayar da silaid ɗin 4:3 ta Design, sannan Slide Size, sannan Standard (4:3), muka rubuta jimla ɗaya sau huɗu a silaid guda da girman 18 da 20 da 24 da 28. Na bencin baya suka karanta 28 da 24 ba tare da wahala ba. A 20 mutum biyu sun karanta, biyu sun yi tuntuɓe a lambobi, suna ruɗa 3 da 8. A 18 sai da aka yi ta hasashe. Nan muka tsayar cewa a wannan ɗakin rubutun jiki ba zai gaza 24 ba, kanu kuma 36. Ina jaddada "a wannan ɗakin", domin na sha jin ana yawo da ƙa'idar Guy Kawasaki ta silaid 10, minti 20, rubutu mai girman 30. Ƙa'ida ce mai amfani, amma ya tsara ta ne don masu neman jari a gaban 'yan kasuwa, kuma abin da ke yanke hukunci a aji shi ne nisan bencin ƙarshe idan aka kwatanta da tsayin hoton da ke bango.

Sai muka zo kan hotuna, inda na fi ƙaruwa. Mun yi gwajin haka: a nuna silaid na daƙiƙa goma, a danna harafin B allon ya yi baƙi, sannan a tambayi na baya me suka fahimta. Da aka nuna hoton busasshiyar ƙasa na 'yar uwarmu, kowa ya ce fari ne, ƙasa ta bushe. Da aka tambaye su tafkin ya ragu da nawa, kuma a wane lokaci, babu wanda ya sani, duk da cewa adadin yana rubuce a kan hoton. Farin rubutun ya faɗa kan wurin da ƙasar ta yi haske, hasken taga kuma ya wanke sauran. Ban da haka, ita kanta ba ta da tabbacin cewa a Tafkin Chadi aka ɗauki hoton, daga intanet ta samo shi. Da Malam ya tambaya ranar gabatarwa, da ba mu da amsa.

Amma a cikin tarin hotunanta akwai guda biyu da suka fi duk abin da ni na kawo: hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, ɗaya na 1973, ɗaya na 1987. Da muka jera su gefe da gefe a silaid guda, girmansu ɗaya, muka rubuta shekarar kowanne a ƙarƙashinsa da rubutu 28, sai na bencin baya suka ce nan take, ruwan ya janye, ɓangaren arewa ya tafi. Abin da kalmomi 90 suka kasa isarwa, hotunan nan biyu sun isar cikin daƙiƙa goma. Sai dai wani ya tambaya ja-jan da ke kewaye da ruwan mene ne, ko wuta ce. A irin waɗannan hotuna launin ba na ido ba ne, ja yana nufin tsirrai. Muka ƙara ɗan rubutu da kibiya ɗaya mai nuna ruwa, ɗaya mai nuna ciyayi. Tun daga ranar, tambayar da nake yi wa kowane hoto ita ce: idan na cire shi, akwai abin da mai sauraro zai kasa ganewa? Hoton masunta bai tsallake wannan tambaya ba, hotunan tauraron sun tsallake.

Wasu matsaloli biyu na hoto sun fito a bango waɗanda laftof ya ɓoye. Taswirar ƙasashe huɗu da ke kewaye da tafkin, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ta WhatsApp aka turo ta a matsayin hoto, shi kuwa yana matse hoto ya rage ingancinsa. A bango sunayen garuruwa suka dagule. Aka sake turo ta a matsayin Document ta zo da tsabtarta. Ta biyu, an ja wata taswirar daga gefe don ta cika wuri, sai tafkin ya miƙe ya canza siffa. A darasin da ya shafi girman wuri wannan kuskure ne na ilimi. Daga kusurwa ake jan hoto don faɗi da tsayi su tafi tare.

Nawa tsarin ma bai tsira ba. Jimlar kanun ta karantu, farin bango da baƙin rubutu kuma ya fi shuɗin Yaya jure hasken rana nesa ba kusa ba, domin majigi ba ya iya yin duhun da ya fi na bangon da yake haskawa. Amma zanen ƙididdigar da aka kwaso daga Excel ya zo da lambobinsa ƙanana a gefe da ƙasa, ga layukan raga a bayansa, ga akwatin bayanin launuka a can kusurwa. Na baya suka ce sun ga layi yana gangarowa, ba su san daga nawa zuwa nawa ba. Muka goge ragar da akwatin, muka bar shekaru kaɗan a ƙasa, muka rubuta adadin farko da na ƙarshe manya a kan layin kansa.

Batun cunkoso shi ya fi wahalar aunawa, don ba a faɗinsa da lamba ɗaya. Hanyar da ta yi mana aiki ita ce ƙirga wurare nawa ido zai tsaya a silaid. A na Yaya mun ƙirga kanu, sakin layi uku, tambarin makaranta, adon gefe, sunan rukuni, kwanan wata da lambar shafi. A gwajin daƙiƙa goma, mutum biyu sun tuna tambarin makaranta amma ba su tuna adadin ba. Mun kuma gwada wani abu: Yaya ya yi magana yayin da silaid mai rubutu da yawa ke bango, na tsakiya suka ce sun bar saurarensa sun koma karatu, kuma sun riga shi kaiwa ƙarshe. Masanin ilimin koyo Richard Mayer ya yi bincike mai yawa a kan wannan, ya nuna cewa mutane sun fi fahimta idan aka haɗa zane da bayanin baki, a kan a ƙara musu da rubutun abin da ake faɗa kalma da kalma. Mu dai mun gan shi a fuskokin mutum shida. Muka yanke cewa kowane silaid magana ɗaya zai ɗauka, tambari da sunan rukuni su tsaya a silaid na farko kawai. Silaid ɗin dalilan ƙafewa, wanda ya haɗa ƙarancin ruwan sama da noman rani da yawan jama'a wuri guda, muka raba shi biyu.

Damuwar Yaya ta mantuwa kuwa gaskiya ce, ba mu yi watsi da ita ba. Duk sakin layin nan nasa muka mayar da su ƙarƙashin silaid a wurin Notes, inda mai magana ke ganinsu a laftof ta Presenter View, aji kuma ba ya gani. Muka kuma buga su baƙi-da-fari kowa ya riƙe nasa. Jadawalinsa na ƙasashe da kogunan da ke shayar da tafkin mun ɗauke shi, bayan mun rage shi zuwa layi huɗu. A ƙarshe abin da muka gabatar silaid tara ne, farin bango daga nawa, hotunan tauraro daga na 'yar uwarmu, jadawali da bayanan baki daga na Yaya.

Muka mayar da majigin kafin a tashi daga ofis, Baba ya sake ƙirga igiyoyinsa ya ba mu katinmu. Ranar gabatarwa mun zo da aikin a filash iri biyu, na PowerPoint da na PDF, saboda idan kwamfutar da aka tarar ba ta da salon rubutun da ka yi amfani da shi takan musanya da wani, layuka su goce. An ɗauke wuta a tsakiyar rukunin da ke gabanmu, aka jira janareta, amma namu ya wuce lafiya. A lokacin tambayoyi wata ɗaliba daga bencin ƙarshe ta ce a koma kan hoton 1987, tana so ta san dalilin da ya sa arewacin tafkin ya riga kudancin bushewa. Yaya ya amsa mata cewa ta kudu Chari ke shigowa, kuma akwai tudun da ke raba ɓangarorin biyu idan ruwa ya yi ƙasa. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don ta nuna cewa daga can baya an ga hoton har an yi tunani a kansa.

Ga wanda ba zai samu aron majigi ba, akwai hanyar yin gwajin nan a ɗaki. A je ajin a auna nisan bencin ƙarshe, da ƙafa ma ya isa, a kuma kimanta tsayin hoton da majigi ke yi a bango ranar da wani malami ke amfani da shi, a lura ko 4:3 ne ko faffaɗa. A raba nisan da tsayin. Namu mita 12 a raba da mita 1.2, ya ba da 10. Fuskar laftof mai inci 15.6 tsayinta kusan santimita 19 ne, sau 10 ya zama kusan mita 2. Sai a buɗe silaid ya cika fuskar, a ja da baya mita 2, a rage hasken laftof ɗin don ya yi kusa da na majigi da rana, a sa wanda bai san aikin ba ya karanta. Shi ya kamata ya karanta, domin wanda ya rubuta ya riga ya haddace kalmomin, zai ga kamar yana karanta su ko da ba su fito ba.